Ranar da Kawu Ya Ga Wata a Kwamfuta

Kawuna ya sauka Dubai saura sati biyu azumi, da akwati ɗaya, da kwamfutar cinya, da wata takardar shaida a cikin firem. Takardar ce ta fara shigowa falonmu, shi yana biye da ita kamar ɗan rakiya. Wai kwas ya yi na sati shida a kan tallan intanet. Ya cire hoton Abba daga bango, ya rataye ta, ya ja da baya yana kallo. Ni kuwa a take na san za a yi abin kunya a gidan nan, ranar ce kawai ban sani ba.

Shi ne autan su Umma. Ita har yau Auta take kiransa, shi kuma ya fi son a ce Kwansaltan. Babu wanda ya taɓa faɗa sai shi.

Sana'ar Umma abaya ce da mayafai da turare. Ba ta da shago. Tana shiga Murshid Bazaar da takalmin roba, ta yi ciniki da Larabcinta mai kalma goma sha biyu har sai mai kaya ya ɗaga hannu ya ce khalas, sannan a ɗaure kayan a kai wurin 'yan kargo su tafi Kano. Shagonta na gaskiya shafinta ne na intanet, kuma shafin nan ni ce nake riƙe da shi tun ina shekara goma sha huɗu. Ni ce mai hoto, ni ce mai rubutu, ni ce mai amsa matan da za su tambayi farashi sau shida a ƙarƙashin hoton da farashin yake rubuce da manyan baƙi. A makaranta ba ni da wani muƙami, ko na goge allo. Amma a shafin nan, in na ce ruwan toka ya ƙare, to ya ƙare.

Ba kwas na yi ba, zagi ne ya koya mini aikin. Masu sayen kayanmu kusan duk a Kano suke, kuma mun riga su da awa uku. Idan an kira magariba a unguwarmu ta Deira, su ko la'asar ba su yi ba. Ranar Juma'a ba a ɗora komai sai an sauko daga masallaci an ci abinci. A azumi kuwa, daga la'asar zuwa magariba matan Kano suna gaban murhu, hannu duk ƙullun ƙosai, ba mai taɓa waya. Daga shan ruwa sai isha'i, sai asham. Lokacin da ake sayen abaya shi ne bayan asham, an miƙe ƙafa, ciki ya cika, zuciya ta yi laushi. A lokacin mu a nan mun yi barci, don haka nake saita fostin tun da yamma, in sa masa lokaci, ya fita da kansa. Wannan shi ne duk sirrin, a bayan ambulan ma sai ya shiga.

Kawu ya yi kwana uku yana nazarin shafin, yana girgiza kai kamar likitan da ya ga hoton ƙirji mara kyau. Ran na huɗu ya kira taro. A kan teburin cin abinci. Mu uku.

“Yaya, shafin nan ba shi da sitiratiji,” in ji shi.

“Ba shi da me?”

“Tsari. An bar shi a hannun yara. Ni a zama ɗaya zan tsara miki fostin na wata guda cur, daga daren farko har ranar Sallah. Inji ne zai riƙa saki. Ba mantuwa, ba kuskure.”

Na ce, “Kawu, agogon wace ƙasa injin yake bi?”

Ya juyo ya kalle ni da tausayi. “Habibti, manya suna magana.”

Da ya zo Dubai kwana huɗu ke nan, amma har ya iya habibti irin na Larabawa.

Umma ba wawuya ba ce, kada a fahimce ni ba daidai ba. Amma Kaka ta kira ta daga Kano sau uku tana cewa a ba Auta abin yi, kada ya zauna yana cin shinkafar mijin yayarsa a banza. Ga kuma firem a bango. Ta ce in ba shi kalmar sirri. Na ba shi. Kafin in ɗauke kofuna ya canza ta, ya fitar da wayata daga shafin, ya fitar da ta Umma ma, wai saboda tsaro. Na shiga ɗaki na kwanta na kalli silin. Shekara biyu ina renon shafi, an ƙwace shi a kan tebur tsakanin kwanon miya da tulun shayi.

An ga wata, mu da Najeriya muka ɗauki azumi rana ɗaya. Ranar farko, ana kiran magariba a masallacin layinmu, na kai dabino baki, wayata ta yi ƙara. Shafin Umma ya yi sabon fostin. Hoto ne na jug ɗin zoɓo, jajir, ƙanƙara tana yawo a ciki, gumi yana gangarowa a jikin gilashin. Kusa da shi kankana an yanka. A sama an rubuta: BARKA DA SHAN RUWA!

Na dubi agogo. A Kano ƙarfe uku da rabi na rana. Ranar farkon azumi, a tsakiyar zafi, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, lokacin da mutum yake jin harshensa kamar tabarma. Kawu ya aika wa mutanen nan zoɓo da ƙanƙara.

Ban ci abinci ba sosai a ranar, sharhi na ci. Wata ta ce, “Hajiya me muka yi miki?” Wata ta ce, “Mu a nan ko la'asar ba a kira ba, Allah ya isa tsakanina da ƙanƙarar nan.” Wani mutum, wanda ban san me ya kawo shi shafin abaya ba, ya rubuta wa'azi mai tsawon hannu. Na karanta wa Umma su da murya daban-daban, har da ta tsohuwa mara haƙori. Ba ta yi dariya ba. Ta ce a kira Auta.

Ya fito da kwamfuta a buɗe, fuskarsa tana sheƙi.

“Yaya kin ga ingejiment? Shafin nan bai taɓa samun sharhi haka ba!”

“Zagina ake yi, Auta.”

“Injin bai san zagi ba. Shi dai ya ga ana magana, sai ya ƙara nuna wa mutane.”

A nan gaskiya ya faɗa, kuma shi ne abin takaicin. Injin ya ƙara nuna wa mutane. Har ƙarfe shida na Kano masu azumi suna cin karo da zoɓon nan.

Sai ya gyara. Ya zauna da kalkuleta, kalkuleta fa, don ya haɗa shida da uku, ya mayar da komai daidai kiran magaribar Kano. Ko daƙiƙa bai kuskure ba. Ladan yana cewa Allahu Akbar, sabuwar abaya mai duwatsu tana fita. Wa zai gani? Mutumin da ya yini yana ƙirga mintoci, ga kunu a gabansa, zai ajiye ludayi ya duba duwatsu? Fostin ɗin ya riƙa fita cikin shiru kamar mai sallama a kango. Kafin a dawo daga asham ya nutse a ƙarƙashin hotunan faranti na duk duniya. Wata rana layik uku muka samu: Kawu, da Kawu ta ɗaya shafinsa, da ni, don tausayi.

Na gwada gaya masa, Allah shaida. Na ce ya matsar zuwa bayan asham. Ya ce binciken duniya ya nuna ƙarfe shida zuwa bakwai na yamma shi ne lokacin zinariya. Na ce wace duniyar, mai azumi ko mara azumi? Ya ce ba ni da aikin makaranta ne?

Ranar Juma'a ya saki bidiyo da kiɗa ana tsakiyar huɗuba a rabin masallatan Kano. Wannan ma na bar shi, ba zan iya lissafa komai ba. Abin da ya ceci kayan Sallah shi ne Umma ta daina jiran shafin. Ta koma kiran tsofaffin kwastomominta ɗaya bayan ɗaya, tana tura musu hoto, don kargon ƙarshe da zai isa Kano kafin Sallah ba ya jiran sitiratiji. Ta yi ta fama da jakunkuna a lungunan kasuwa, da azumi a bakinta, Kwansaltan yana gida a ƙarƙashin na'urar sanyi yana zana mata jadawali mai launi.

Abin da ya dawo da ni kusa da shafin kuwa ƙugiya ce. Kawu yana jin Hausa kamar kowa, amma in ya zo rubutu bai san ƙ da k ba abu ɗaya ba ne. Ya ɗora mayafai ya rubuta, “Akwai ja, akwai baki.” Wata baiwar Allah ta amsa masa, “Baki muna da shi, shi muka rufe tun asuba.” Wannan ta shige shi fiye da duk zagin zoɓo. Washegari ya tsaya a ƙofar ɗakina yana sosa ƙeya.

“'Yata, zan ba ki dama ki koyi aiki. Ki riƙa rubuta mini kalmomin, ni in saita.”

Na ce to, Kawu. Da ladabi na faɗa, har da sunkuyar da kai.

Haka na samu ganin jadawalin. Ana saura kwana biyar a nemi watan Sallah ya ce in rubuta gaisuwar Sallah, mai ratsa zuciya. Na rubuta. Ya ɗora a kan hoton jinjirin wata da fitilu, ya buɗe kalandar injin, ya sa yatsa a ranar ashirin da tara ga azumi, ƙarfe bakwai saura kwata, agogon Dubai.

“Mu za mu fara,” in ji shi. “Kafin sauran 'yan kasuwa su farka, mun riga mun yi wa kowa barka.”

Ko ƙanwar ƙawata mai shekara bakwai ta san gaisuwar Sallah ba a sa mata lokaci. Rubuta ta ake yi a ajiye, a zauna a jira sanarwa. In an ga wata a saki, in ba a gani ba a ƙara kwana. Kwamfuta tana da kalanda, amma ba ta da ido. Kuma mu a nan sanarwarmu daban, su a can sai an ji daga Sakkwato.

Na buɗe baki. Sai idona ya faɗa a kan firem ɗin da yake inda hoton Abba yake a da. Na rufe bakin.

Na yi kwana biyar ina tambayar kaina ko shiru yana karya azumi. Na bi jerin abubuwan da aka koya mana a Islamiyya tun daga farko har ƙarshe, babu shiru a ciki. Na ce kuma ai wataƙila a ga watan, ya zama gwarzo. In ba a gani ba kuwa, 'yan sharhi ne za su ɗan yi masa tsiya, ni in karɓi shafina. Iyakar lissafina ke nan. Na manta da abu ɗaya: a wurin mutanen Kano, wanda yake Dubai yana leƙen Makka ta taga. In maganar wata ta fito daga bakin Hajiyar Dubai, ba gaisuwa ba ce, labari ne.

Ranar ashirin da tara muka sha ruwa. Abba da Kawu suka tafi masallaci. Umma tana kwashe sambusa daga mai, ni ina zaune da waya a cinya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Bakwai saura kwata daidai, ta yi ƙara. Jinjirin wata, fitilu, da rubutuna: Barka da Sallah, 'yan uwa, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Minti goma bai cika ba wayar Umma ta ɗauka. Wata tsohuwar kwastoma ce daga Kano, tana magana kamar ana bin ta da gudu.

“Hajiya, ashe an gani a wurinku!”

Umma ta dafe ƙirji. “An gani? Alhamdulillahi! Wa ya faɗa?”

“Ke kika faɗa mana!”

Ban taɓa ganin fuska ta sauya launi sau uku a jere ba sai ranar. Umma ta ajiye matsami, ta fizge wayata, ta karanta. Ta kunna talabijin: kwamitin duban wata yana zaune, ba a ce komai ba tukuna.

“Cire shi! Yalla, cire shi yanzu!”

“Umma ba ni da kalmar sirri.”

“To da wayata!”

“Ya fitar da ke. Saboda tsaro.”

Ta kira Kawu, waya tana kashe tun shigarsa masallaci. Ta kira Abba, ya ce ai Auta ya bi wasu abokansa shan shayi, bai san wane lungu ba. A Deira, neman mutum a wurin shan shayi daidai yake da neman shi a Arfa.

Su kuwa a Kano ƙarfe huɗu ne na yamma, akwai sauran rana, akwai sauran ƙarfi. An ɗauki hoton fostin ɗin an watsa a guruf na dangi, da na makarantar Islamiyya, da na matan unguwa. Wayar Umma ta yi zafi har na ce a soya ƙwai a kai. Wata ta ce ta riga ta ƙunsa wa 'ya'yanta lalle. Wata ta ce mijinta ya tafi wurin tela ya zauna a kan benci ya rantse ba zai tashi ba sai da ɗinkinsa. A yadda labarin ya iso mini daga baya, teloli uku ne suka fita ta ƙofar baya. Ni ban gani ba, amma na yarda.

Sannan mai karanta labarai ya gyara zama ya ce ba a ga wata ba, gobe a cika talatin.

Kawu ya shigo da kofin shayi a hannu, yana murmushi, ya ce, “Yaya kin ga yadda ake yaɗa fostin ɗinmu?” Umma ta juyo. Ta nuna masa talabijin da yatsa. Ya goge fostin ɗin nan take, amma me ya rage? Ya goge guda ɗaya, hotonsa yana cikin wayar rabin gari.

Yana cikin bayanin cewa kalandar ce ta yaudare shi, Kaka ta kira. Umma ta sa a sifika.

“Ina Auta?”

“Ga ni, Hajiya.”

“Kai ne ka ga wata?”

“Hajiya, ba ni ba ne, inji ne...”

“To ka gaya wa injin, kajina huɗu na sa maƙwabci ya yanka. Huɗu! Tun watan Rajab nake ba su dawa. Ga su nan a roba an fige, babu wuta tun shekaranjiya, firij ya zama kabad. Yanzu in tsaya in soya su, gobe in yini da azumi ina shaƙar ƙamshi, jikoki suna zagaye tukunya. Kai da ko gilashinka ba ka gani in ka ajiye, wata za ka gano?”

Na shiga banɗaki na toshe baki da tawul. Astagfirullah, har hawaye.

Da na fito Umma ta miƙa mini biro ta ce da Kawu, “Faɗa mata.” Ya fara kame-kame. Ta ce, “Auta.” Sai ya faɗa a hankali. Kalmar sirrin ita ce gwani, da shekarar haihuwarsa. Saboda tsaro.

Na shiga shafina. Wallahi kamar na dawo gida daga doguwar tafiya na tarar an canza wa kujeru wuri. Ina shirin yin tsalle, Umma ta jira ya shige ɗaki, sannan ta ce, “Ke. Zauna.”

Ta ɗora hoton fostin ɗin a gabana, wanda aka turo mata sau ba adadi. Ta sa farce a kan kalmar karɓi.

“Tun da aka haifi Auta bai taɓa sa wa harafi ƙugiya ba. Wa ya rubuta wannan?”

Na ce ni ce, amma shi ya saita.

“Kin ga ranar da ya sa?”

Na kalli sambusa. Sambusa ba ta taimake ni ba.

“Shi wawa ne,” in ji Umma. “Ke kuma kin sani kika yi shiru, da sunana a sama. Shafin naki ne, na ba ki. Gobe kuma duk wadda ta kira ni yau, ke za ki kira ta ki ba ta haƙuri. Da bakinki. Ki fara da kakarki.”

Azumi na talatin a wayar Umma na yi shi. Na jira gari ya waye a Kano, don ni dai na san agogo, na fara. Kaka ta ce, “Ƙawata, ashe ke ce munafukar?” Ta sa na saurari ƙarar murfin tukunya, ta ce in shaƙa ta waya. Matar mai lalle ta yi mini nasiha ta minti ashirin. Matar da mijinta ya tsare tela ta ce ita ta gode, don da ba haka ba da mijinta bai samu ɗinki ba. Wasu sun yafe, wasu sun yafe sannan suka nemi ragi. Kafin la'asar maƙogwarona ya bushe har na tuna zoɓon Kawu da kewa.

Shi kuwa bayan Sallah Abba ya tafi da shi Ras Al Khor, wurin kayan gyaran mota, yana liƙa takarda a jikin kwalaye. An ce har yanzu yana gaya wa ma'aikatan wurin cewa ya taɓa yin fostin da ya girgiza Kano. Firem ɗin yana bayan kabad. Hoton Abba ya koma bango.

Su ma a can ba su ga watan ba, don haka Sallah ta zama rana ɗaya, kuma bayan talatin babu sauran jira. Wannan karon kam ana iya saitawa. Na sa gaisuwar ta fita ƙarfe goma da rabi na safiyar Kano, an sauko daga idi, an ci tuwo, an fara ɗaukar hoto. Mu a nan ɗaya da rabi, ina zaune da sabuwar abayata ina jira. Ta fita daidai. Na sabunta shafin don in ga sharhin farko na sabon mulkina.

Matar nan ce mai maganar baki. Ta rubuta, “Hajiya, kin tabbata?”